Ƙarfe nawa dare yake farawa a takardar albashi? Yadda muka warware rigimar kuɗin dutin dare a wani kamfanin shinkafa a Kebbi

Ni ne nake haɗa albashi a wani matsakaicin kamfanin sarrafa shinkafa da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Shekara da shekaru kuɗin dutin dare bai taɓa ba ni ciwon kai ba, har zuwa wata kakar shinkafar rani da aka sauya tsarin aiki. A nan na gane cewa lissafin da nake yi ba daidai yake ba, dace kawai yake yi.

A da duti uku muke da shi, kowanne awa takwas. Na safe daga shida zuwa biyu, na yamma daga biyu zuwa goma, na dare daga goma zuwa shida na safe. Hutun awa ɗaya na cin abinci da salla yana cikin awa takwas ɗin, kuma ana biyansa. Takardar ɗaukar aiki ta jera waɗannan lokutan, sannan ta ƙara layi ɗaya da ma'anarsa ita ce, mai aikin dare zai sami ƙarin kashi 20 cikin ɗari. Ba ta faɗi kashi 20 na me ba, ba ta kuma faɗi wane ne mai aikin dare ba.

Bari in ɗauki ma'aikaci ɗaya mai kula da injin casa, mai asalin albashi naira 104,000, ban da kuɗin mota da na haya. Kwana 26 yake aiki a wata, awa takwas kullum, wato awa 208. In aka raba, kowace awa ta tashi naira 500. Kashi 20 na wannan naira 100 ne, don haka daren awa takwas yana kawo masa ƙarin naira 800. Obatayim kuwa ninki ɗaya da rabi kamfanin yake biya, naira 750 a awa.

Yadda nake yi mai sauƙi ne. Foman yana da rajista, gaban sunan kowa yana rubuta harafi ɗaya da ke nuna safe, yamma ko dare. Ƙarshen wata in ƙirga dararen mutum, in ninka da 800. Tunda dutin dare da awannin dare abu ɗaya ne a lokacin, babu wanda ya taɓa tambaya ko sunan dutin ake biya ko agogo.

Da shanshera ta fara shigowa tirela-tirela a watan Afrilu, ga zafi, ga ƙarancin ƙwararrun hannu, sai manaja ya narkar da duti uku ya koma biyu. Masu rana shida na safe zuwa shida na yamma, masu dare shida na yamma zuwa shida na safe, ana juyawa mako-mako. Awa takwas na farko aikin yau da kullum ne, huɗun ƙarshe obatayim. Mutum 18 ne suka yi ta shiga dutin dare a watan, kowannensu ya yi dare 12. Ni kuwa na bi tsohuwar hanyata. Kowane dare na ba mutum 4,000 na awa takwas, 3,000 na obatayim, da 800 na dare, jimla 7,800.

Washegarin biyan albashi sai ga foman ɗin dare a ofis, da mutum uku a bayansa, ƙurar ɓuntu har gashin ido. Ya ajiye takardar albashinsa a kan teburina, ya danne da ɗan yatsa.

"Malam Akanta, awa sha biyu muka kwana tsaye, kai ka rubuta muna takwas. Sauran huɗun rana ce?"

Na ce masa dare a wurin kamfani daga ƙarfe goma yake farawa. Wani dattijo a cikinsu, mai ɗinkin buhu, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mu dai tun da aka haife mu, in an kira magariba dare ya yi. Ƙarfe goma ai yara sun yi nisa da barci."

Maganarsa ba ta wauta ba ce. A wannan yanki a watan Afrilu ana kiran magariba gab da ƙarfe bakwai, kuma duk wanda yake bakin inji daga lokacin ya rasa abincin dare da iyalinsa, ya rasa jam'in isha'i a unguwarsu. Abin da suke nema shi ne 1,200 kowane dare a maimakon 800. Bambancin naira 400 ne, a dare 12 ya zama 4,800 ga mutum ɗaya, ga mutum 18 kuma 86,400.

Da na kai wa manaja maganar, sai ya ɓullo ta inda ban zata ba. A ganinsa ma biya na yi fiye da kima. Ya ce awa huɗun ƙarshe, daga biyu na dare zuwa shida, an riga an biya su ninki ɗaya da rabi, to don me za a sake ɗora musu kuɗin dare? Awannin da suka cancanta a wurinsa su ne goma zuwa biyu kawai, naira 400. Ya ce in cire 4,800 daga albashin kowa a wata mai zuwa. Ga shi nan, dare ɗaya, mutum ɗaya, amma farashi uku: 400, 800 da 1,200, kuma kowa yana nuna layi ɗaya a takarda.

Abu na farko da na yi shi ne duba abin da doka ta tanada, don kowane ɓangare yana cewa doka tana tare da shi. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yanke wani kaso da dole a biya don aikin dare ba. Sashe na 13 ya bar tsawon lokacin aiki ga yarjejeniyar ma'aikaci da mai aiki, ko yarjejeniyar ƙungiya, ko hukumar albashi ta masana'antar. Ya ce abin da ya haura wannan lokaci obatayim ne, amma bai faɗi farashinsa ba. Ya kuma wajabta hutun da jimlarsa ba ta gaza awa ɗaya ba ga wanda ya yi awa shida ko fiye a rana. Don haka kashi 20 ɗinmu alkawari ne da kamfani ya ɗauka da kansa. Amma tunda ya shiga takardar aiki, ya zama haƙƙi, ba kyauta ba.

Manaja ya ji cewa a dokar akwai inda aka ambaci dare daga ƙarfe goma zuwa biyar na asuba, sai ya so ya kama wannan ya mai da awannin bakwai. Gaskiya ne an ambaci wannan tsakani a sashe na 55, a matsayin ɓangaren dare mai aƙalla awa sha ɗaya a jere, amma maganar da ake yi a wurin ta hana sa mata aikin dare a masana'antu ce, ban da irin ma'aikatan jinya da masu riƙe da muƙamin shugabanci. Bai shafi lissafin albashi ba. Ita ma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta mai lamba 171 ta 1990, ma'anar da ta ba aikin dare ita ce aikin da aka yi cikin aƙalla awa bakwai a jere da suka haɗa da sha biyun dare zuwa biyar na asuba. Kowanne da abin da aka yi shi dominsa. Ba a ɗauko ma'anar dare daga wani wuri a liƙa wa takardar da ta riga ta faɗi nata lokacin.

Batun cire kuɗi kuwa, sashe na 5 ya yarda a cire abin da aka biya fiye da kima, in an yi biyan cikin wata ukun da suka gabaci watan da aka gano shi. Amma na gaya wa manaja wannan ba kuskuren biya ba ne, saɓanin fahimta ne, kuma mu muka rubuta takardar da ta zo a dunƙule. In muka taɓa albashin mutane a tsakiyar kaka a kan fassarar da ba a taɓa faɗa musu ba, ko dai injin ya tsaya, ko mu tsinci kanmu a ofishin ƙwadago, wataƙila har Kotun Ma'aikata.

Tunda doka ta mayar da mu ga takardarmu, sai na koma ga abu biyu: abin da aka rubuta, da abin da aka saba yi. A rubuce, wuri ɗaya tak aka haɗa kalmar dare da lokaci, shi ne goma zuwa shida. A aikace kuma, na kwashe rajistar shekara guda na duba. Sau da yawa mai dutin dare yakan wuce shida, ya kai takwas na safe yana jiran wanda zai karɓe shi. An biya shi obatayim na awa biyun, ba a ƙara masa kuɗin dare a kansu ba, kuma babu wanda ya taɓa ƙorafi. Ke nan kowa ya riga ya yarda, ba tare da an faɗa ba, cewa sunan duti ba ya mai da hantsi dare. In haka ne da safe, haka ne da yamma. Wannan ya karya hujjar awa 12.

Hujjar manaja kuma ta faɗi ne a kan dalilin biyan. Obatayim ladan tsawon aiki ne, kuɗin dare kuwa ladan lokacin da aka yi shi. Na ce masa ya dubi mai dutin rana, wanda obatayim ɗinsa yake faɗawa daga biyu zuwa shida na yamma, naira 750 yake karɓa a awa. In wanda yake obatayim ƙarfe uku na dare, lokacin da ido yake rufewa da kansa a gaban bel mai gudu, shi ma 750 zai karɓa, to an soke kuɗin dare a awannin da suka fi kowanne wuya. Ya yi shiru, sannan ya ce to amma kada a ninka. A nan ina tare da shi. Hanya biyu ce ake haɗa su. Ko a ce 750 da 100, awa ta tashi 850, ko a fara haɗa 500 da 100 sannan a ninka ɗaya da rabi, ta tashi 900. Duka biyun ana yi a wurare daban-daban, bambancinsu a darenmu naira 200 ne. Muka tsaya a kan ta farko, saboda tun asali a kan naira 500 ake lissafa kashi 20 ɗin. Da haka 7,800 da na biya ta tabbata daidai.

Da a nan na tsaya, da na fita da farin jini wurin manaja kawai. Amma binciken rajistar ya tono abin da ban je nema ba.

Akwai mai hura boila, wanda yake tayar da tururin da ake turara shinkafa da shi. Shi ba ya cikin kowane duti. Ƙarfe huɗu na asuba yake shigowa ya cika wuta da ɓuntu, don kafin masu safe su iso tururi ya kai, ya tashi sha biyun rana. Foman kullum harafin safe yake rubuta masa, don haka bai taɓa ganin ko kwabo na dare ba. In agogo ne alƙali, yana da awa biyu kullum a cikin dare. Matakin albashinsu ɗaya da mai injin casa, ke nan naira 200 a rana, 5,200 a wata. Haka masu dutin yamma a tsohon tsari. Wanda zai karɓi mutum ya makara, musamman masu zuwa daga ƙauyukan gefen fadama da ba sa son hanya cikin dare, sai mutum ya kai sha biyu yana aiki. An ba shi obatayim, ba a ba shi na dare ba. Shi kuwa wanda ya makara ɗin, an cire masa kuɗin awa biyun da bai yi ba, amma 800 ɗinsa ta dare ta fita cif, saboda harafi nake ƙirgawa. Wannan laifina ne, ba na foman ba. Alamar ma tana gabana duk wata ban lura ba: kuɗin daren kowa kullum ninkin 800 ne, babu 550, babu 1,900. A wurin da mutane suke makara, suke rashin lafiya, inji yake lalacewa, lissafin da yake fita sumul haka ba lissafin awa ba ne.

Ranar da Alhaji mai kamfanin ya zauna da mu, da manaja da foman biyu da dattijon nan mai ɗinkin buhu, na shimfiɗa masa duka. Na ce, "Ranka shi daɗe, in muka ce agogo za mu bi don mu hana masu dare awa huɗu, to agogon nan zai sa mu biya mai boila da masu yamma. Ba a cin tuwo a ƙi miyarsa." Ya tambayi nawa ne, na faɗa masa, ya ce a rubuta.

Abin da aka rubuta bai cika shafi ɗaya ba. Dare shi ne ƙarfe goma zuwa shida na safe. Duk wanda ya yi aiki a cikin wannan tsakani yana da ƙarin kashi 20 na asalin kuɗin awarsa, ko wane duti yake, kuma ana ƙirgawa da kwata-kwatan awa. Kuɗin awa shi ne asalin albashi a raba da 208. Na dage a rubuta wannan lamba, don in wani ya zo bayana ya raba da kwana 30, wato awa 240, kuɗin awa zai sauko zuwa kusan 433, kuɗin dare ya bi shi ƙasa ba tare da an taɓa kashi 20 ɗin ba. Hutu tunda ana biyansa, yana cikin lissafi. Da a ce ba a biya, da sai an tsayar da lokacinsa, don hutun ƙarfe tara ba ya rage komai daga awannin dare, na ƙarfe ɗaya kuwa yana rage awa guda. In wuta ta ɗauke ko inji ya tsaya aka ce mutane su jira, awa tana tafiya. In aka sallame su, ta tsaya a lokacin da suka fita. Dutin da ya tsallaka sha biyun dare kuma na ranar da aka fara shi ne, don kada daren 30 ga wata ya rabu tsakanin albashi biyu, ko a biya shi sau biyu.

Awannin shida zuwa goma na yamma ba su shiga ba. Amma Alhaji ya ce muddin ana duti biyu, kamfani zai riƙa kawo wa masu dare abinci bayan magariba. Dattijon ya ce an dai rage zafi. Mai boila aka ba shi bashin wata uku kawai, naira 15,600. Manaja ya kafe cewa tsohuwar takarda mai aikin dare ta ce, shi kuwa ba a taɓa ɗaukarsa a haka ba. A ganina an tauye shi, tunda da hujjar agogo muka kare kanmu a kan abin da ya riga ya wuce, kuma ya fi shekara yana shigowar asuba. Na faɗa a zaman, ba a ɗauka ba.

Sauran aikin nawa ne. Rajista ta daina ɗaukar harafi, ta koma lokacin shiga da na fita, kowa ya sa hannu da kansa. A Excel kuma matsalar farko da kowa yake cin karo da ita ita ce tsallake sha biyun dare. In ka cire 18:00 daga 06:00, amsar takan fito ƙasa da sifili, gidan ya cika da ####. Na sa lokacin shiga a B, na fita a C, sannan:

```
D2: =B2*24
E2: =D2+MOD(C2-B2,1)*24
F2: =MAX(0,MIN(E2,6)-D2)+MAX(0,MIN(E2,30)-MAX(D2,22))
```

D yana mai da lokacin shiga lamba, shida na yamma ta zama 18. E yana ba da lokacin fita a kan layi ɗaya, shida na safen gobe ta zama 30. F shi ne awannin dare, kuma sai an sa gidajen D, E da F a tsarin lamba, ba na lokaci ba. Rabinsa na farko yana kama wanda ya shigo kafin shida na safe, irin mai boila, na biyun yana kama abin da ya faɗa tsakanin 22 da 30. Yana aiki ne ga dutin da bai kai awa 24 ba, kuma sai an rubuta lokaci da tsarin awa 24. Wanda ya buga 6:00 yana nufin yamma ya ɓata layin gaba ɗaya. Kafin in amince da shi na gwada shi da mutanen da na san amsarsu da ka. Mai 18:00 zuwa 06:00 ya ba da 8, mai boila ya ba da 2, mai 14:00 zuwa 00:00 ya ba da 2.

Gwajin gaske ya zo a watan Mayu. Wani dare bel ɗin injin casa ya tsinke, aka rasa na sauyawa, foman ya sallami mutane ƙarfe uku da rabi. Mai injin ya shiga shida na yamma, ke nan ya yi awa tara da rabi. Takwas na farko 4,000, awa ɗaya da rabi na obatayim 1,125, awannin dare daga goma zuwa uku da rabi biyar da rabi ne, naira 550. Jimla 5,675. A tsohuwar hanyata da 800 zan ba shi na dare. Ya zo da takardar yana tambayar inda 250 ta tafi. Na juya masa rajista ya ga sa hannunsa kusa da 03:30, ya ƙirga da yatsu daga goma, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Duk ƙarshen wata yanzu ina yin bincike ɗaya kafin in kai wa manaja ya sa hannu. Ina cire D daga E in ga tsawon dutin kowa, in na ga ya yi nisa da awannin da aka san mutum yana yi, sai in duba ko an buga lokaci ba daidai ba. Sannan ina duba rajistar takarda da idona. A makon farko na tarar da dare uku a jere da kowa ya shiga 18:00 daidai ya fita 06:00 daidai, da biro ɗaya da rubutun hannu ɗaya. Foman ne ya cike wa mutanensa da safe don ya rage musu layi. Aka ɗauke rajistar daga hannunsa aka mayar da ita bakin ƙofa wurin masu gadi, aka rataye agogon bango a samanta.

Masu gadin su ne maganar da ta rage. Da suka ga mai boila ya fara karɓa, babbansu ya tare ni a ƙofa ya ce, "Malam, mu da muke kwana nan kullum fa?" Takardarsu daban ce, ta ce albashinsu dunƙule ne da ya haɗa da kwanan gadi, kuma an ɗora shi sama da na leburan rana saboda haka. Na lissafa abin da za su samu in aka raba albashin gida biyu, asali da kuɗin dare, na kai wa Alhaji a rubuce. Takardar tana cikin aljihun teburinsa, ya ce sai an gama kaka.